Kuɗinka ne, amma banki ya ce miliyan ɗaya kawai za ka tura yau

Duk lokacin da farashin kaya ya ƙara tashi, sai ƙorafin nan ya dawo: mutum yana da kuɗinsa a asusu, ya je sayen mota ko fili ko buhunan masara, an yi ciniki an gama, ya ɗauko waya zai tura, sai manhajar banki ta rubuto masa "Limit exceeded". Daga nan sai zagin banki. Ni dai ra'ayina a kan wannan ya ɗan bambanta da na yawancin masu ƙorafin, kuma zan faɗe shi tun yanzu don wanda ba zai iya karantawa har ƙarshe ba. Iyakar nan ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce mutane ba sa sanin akwai ta sai a gaban mai kaya, kuma idan sun je an ɗaga musu, ba sa sanin me suka sa wa hannu, sannan ba sa komawa su sauke ta.

Gaskiya ne miliyan ɗaya ta yau ba miliyan ɗayar shekara goma da suka wuce ba ce. A da kuɗin mota ce, yau babur ma sai an duba wane iri. To amma kafin a yi fushi, a fahimci cewa abin da muke kira "limit" ba abu ɗaya ba ne. Ƙofofi ne a jere, kuma kowace da makullinta. Wanda bai san wacce ce ta tare shi ba, zai yini a banki yana neman a buɗe masa wadda dama a buɗe take.

Ƙofar farko ita ce matakin asusunka. Tun 2013 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kasa asusun mutane mataki uku, gwargwadon yadda banki ya san mai asusun. A manhaja za ka ga an rubuta Tier 1, Tier 2 ko Tier 3. A irin asusun waya da matasa suka fi amfani da su yanzu, matakin farko naira 50,000 ne a rana kuma kuɗin da zai zauna ciki ba zai wuce 300,000 ba. Mataki na biyu 200,000 a rana, ajiya 500,000. Na uku shi ne mai miliyan 5 a rana, ajiya kuma ba iyaka. Idan kana mataki na ɗaya ko na biyu, babu wani fom da za ka cika a ɗaga maka zuwa miliyoyi. Sai ka hau mataki na uku tukuna, wato ka kawo BVN da NIN duka biyun, da katin shaida, da shaidar inda kake zaune, kamar takardar kuɗin wuta ko ta ruwa. Wasu har sai sun turo mutum ya ga gidan da idonsa, shi ya sa wannan matakin ba na rana ɗaya ba ne. Kuma a nan ne masu matsalar suna ke maƙalewa: BVN ya ce Muhammad Sani, NIN ya ce Sani Mohammed, ranar haihuwa ma kowanne da tasa. Irin wannan gyaran yakan ci makonni, ba abin da za a fara ana gobe biyan kuɗin mota ba ne.

Ƙofa ta biyu ita ce hanyar da ka bi. Asusu ɗaya ne, amma tura kuɗi ta lambobin nan na USSD da ake dannawa a ƙaramar waya daban, ta manhaja daban, ta shafin banki a kwamfuta daban, ta kan kanta a cikin banki daban. Ƙa'idar da CBN ya fitar a 2018 ta sa wa USSD iyakar naira 100,000 a rana, kuma duk abin da ya haura 20,000 sai an ƙara wata shaida bayan PIN. Don haka mai son biyan miliyoyi ya manta da wannan hanyar gaba ɗaya. A manhaja kuma iyaka biyu ce, mutane da yawa ba su lura ba: akwai ta turawa ɗaya, akwai ta jimillar rana. Kana iya samun miliyan 5 a rana amma miliyan 1 a kowace turawa, ka ga sai ka tura sau biyar ke nan. Idan ta ƙi tafiya, gwada rage adadin. In ƙarami ya wuce, iyakar turawa ɗaya ce ta tare ka. In ko naira dubu ta ƙi, ka cinye ta ranar.

Ƙofa ta uku ita ce rufin da CBN ya sa wa kowa. Tiransifar nan da ke shiga nan take tana bi ta wani tsari ne da ake kira NIP, wanda kamfanin NIBSS ke gudanarwa tsakanin bankuna. A watan Mayun 2022 CBN ya fitar da sanarwa cewa mutum ɗaya da ke son tura sama da miliyan 1, ko kamfani sama da miliyan 10, banki zai karɓi takardar ɗaukar alhaki daga gare shi, sannan a iya ɗaga masa har zuwa miliyan 25 ga mutum, miliyan 250 ga kamfani. Wannan shi ne ƙololuwa. Bankinka yana iya tsayawa ƙasa da haka, amma ba zai haura ba, ko da manajan reshen surukinka ne.

Yanzu bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce Malam, ɗan kasuwa, ya ga mota a wurin dillali, an daidaita a naira miliyan 18, an ce ya kawo kuɗi ranar Asabar. Asusunsa na mataki na uku ne, kuɗin suna ciki, amma iyakar manhajarsa miliyan 1 ce a rana.

Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ciro tsaba ya kai a jaka. Wannan ita ce hanya mafi muni, kuma ba don 'yan fashi kaɗai ba. Iyakar cirar tsabar kuɗi ga mutum ɗaya naira 500,000 ce a mako, abin da ya haura ana cajin kashi 3 cikin ɗari. Miliyan 18 a cire dubu 500, saura miliyan 17 da rabi, kashi 3 ɗinsu naira 525,000. Rabin miliyan da ɗoriya ya tafi a banza, in ma reshen yana da tsabar da zai ba shi. Bayan haka, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba tare da an bi ta banki ba, kamfani kuma sama da miliyan 10. Na san a kasuwanninmu ana yi kullum, amma yawan masu yi bai sa ya zama halal a gaban doka ba, kuma ranar da rigima ta kai kotu ba za ka so a fara da wannan tambayar ba.

Tunani na biyu shi ne rarrabawa. Ya tura wa ƙaninsa miliyan ɗaya yau, matarsa gobe, yaron shagonsa jibi, ranar Asabar kowa ya tura wa dillali daga nasa asusun. Lissafin ma bai fita ba, don a miliyan ɗaya a rana kwana 18 zai yi. Amma a ce ya fita. Me Malam yake da shi a hannu? Rasit guda goma da sunayen mutum goma, babu ko ɗaya da ya nuna shi ne ya biya kuɗin motar nan. In motar ta zo da matsalar takardu, ko filin ya zama an sayar wa mutum biyu, dillali yana iya cewa kuɗin da wane ya turo na wani cinikin ne daban. Sannan na'urar banki da ke sa ido kan zamba irin wannan motsin take nema: kuɗi su shiga asusun da bai saba ganin miliyan ba, su fice cikin awa ɗaya. Sai a daskarar da asusun yaron shago da miliyan ɗinka a ciki, a ce ya zo ya yi bayani ranar Litinin.

Wasu kuma dabarar tsakar dare suke yi, a tura ƙarfe 11:55 a sake turawa 12:05. Tana aiki a bankin da ke sabunta lissafinsa da tsakar dare, ba ta aiki a wanda ke ƙirga awa 24 daga turawar farko. Ko ta yi aiki, ninki biyu kawai ta ba ka, kuma ban ga mai hankalin da zai zauna a garejin dillali ƙarfe sha biyun dare ba.

Hanyar da ta dace ita ce Malam ya fara tun ranar Talata ko Laraba. Ya buɗe manhaja ya nemi wurin da aka rubuta Transaction Limit ko Manage Limits, yawanci a ƙarƙashin Settings yake. A nan zai ga iyakarsa ta yanzu da kuma iyakar da manhajar za ta bari ya kai da kansa. Bankuna da yawa suna bari ka ɗaga zuwa wani adadi da PIN da lambar OTP da za a turo maka, wani lokacin har da ɗaukar hoton fuska. In adadin da yake so ya fi haka, za a nemi tokin. Tokin ɗin nan ko dai 'yar na'ura ce kamar maƙalin makulli mai fito da lambobi, wadda ake saya a banki, ko kuma wata manhaja ce daban da ke yin aikin a waya. Lambarta tana canzawa kowane ɗan lokaci, shi ya sa banki ya fi yarda da ita a kan PIN da ka shekara biyar ba ka canza ba. In duk wannan bai kai shi miliyan 18 ba, sai reshe: ya tafi da katin shaidarsa da wayar da layin asusun ke ciki, ya ce wa ma'aikatan kula da abokan hulɗa yana son a ɗaga masa iyakar tiransifa. Za su miƙo masa fom.

To a nan nake so a tsaya, don wannan fom ɗin shi ne zuciyar maganar. A samansa za ka ga kalmar Indemnity. Mutane suna sa hannu kamar takardar halartar taro. Abin da takardar ke cewa a taƙaice shi ne: ni na roƙi a ɗaga, na san haɗarin, kuma in aka yi amfani da PIN ɗina ko tokin ɗina aka kwashe kuɗi har zuwa wannan adadin, ba zan kama banki da laifi ba. Wato kafin ka sa hannu, mafi yawan abin da ɓarawo zai iya fitarwa daga asusunka a rana miliyan 1 ne. Bayan ka sa hannu ya koma miliyan 18, kuma ka rubuta da hannunka cewa asarar taka ce.

Ku haɗa wannan da halin da muke ciki. Masu ƙwacen waya a Kano da Kaduna da Abuja yanzu ba wayar kaɗai suke so ba, abin da ke cikinta suke so. Masu ɗaukar fasinja a mota su tsare shi, abin da suke fara cewa shi ne buɗe manhajarka. A wannan lokacin babu PIN ɗin da zai cece ka, don da bakinka za ka faɗa. Abu ɗaya da ke tsayawa tsakanin ɓarawo da dukiyarka shi ne wannan iyakar da muke zagi. Shi ya sa nake mamakin mutumin da ya ɗaga tasa zuwa miliyan 20 don cinikin rana ɗaya, shekara biyu ke nan tana nan a haka, yana yawo da ita a aljihu cikin Adaidaita Sahu. Ranar da aka gama biyan kuɗin mota, kafin ma a tayar da ita, a koma Settings a mayar da iyakar inda take. Saukewa ba ta da wahala, yawancin manhajoji nan take suke yi, ɗagawar ce ke da tsari.

Kuma kada Malam ya nemi miliyan 25 don kawai an ce ana bayarwa. Ya nemi abin da cinikin ke buƙata da ɗan rara. Rarar tana da amfani, don in ya sa miliyan 18 cif, sannan da safe ya tura wa gida dubu 20 na cefane, to miliyan 18 ba za ta fita a ranar ba, lissafin jimilla ake yi. Ya sa 18 da rabi ya huta. Ya kuma tambayi ma'aikacin abu biyu kafin ya tashi: yaushe sabuwar iyakar za ta fara aiki, kuma nawa ne iyakar turawa ɗaya? Wani bankin nan take ne, wani sai bayan awa 24 ko fiye. Jinkirin nan da gangan ne, don in ɓarawo ne ya ɗaga, mai asusun ya samu lokacin ganin saƙo ya kira banki. Saboda haka ne ma bai kamata ya canza waya ko ya sake sauke manhajar a makon ba, don bankuna da dama suna rage wa sabuwar waya iyaka na ɗan lokaci. Ranar Juma'a ya buɗe ya tabbatar da idonsa cewa adadin ya canza.

Akwai ƙofar da kusan kowa ke mantawa da ita, ita ce ta mai karɓa. Naka ya buɗe, amma asusun da dillali ya ba ka fa? In na mataki na ɗaya ne ko na biyu, ba zai iya riƙe miliyan 18 ba. Ko dai kuɗin su dawo, ko su shiga a riƙe su har sai ya kai takardu, kai an cire maka, shi bai ga komai ba, ga ku tsaye ana kallon-kallo. Don haka a tambaye shi tun kafin ranar. In mai sayarwa kamfani ne, a tura asusun kamfanin, sunan da zai fito a manhaja ya zama shi ne a kan rasit. In aka ce maka "tura ta asusun yarona", ka ce a'a, ko a rubuta hakan a takardar ciniki da shaidu. A fara da gwaji, naira dubu ɗaya, ya nuna maka ta shiga, sannan a tura sauran. A wurin bayani a rubuta abin da aka saya, misali kuɗin mota da lambar jikinta.

In aka yi rashin sa'a an cire kuɗin ba su isa ba, kada a sake turawa. Kowace tiransifa ta NIP tana da lamba 30 da ake kira Session ID, tana kan rasit. Da ita bankin mai karɓa zai duba ko kuɗin sun iso, kuma da ita za ka shigar da ƙorafi a naka. Mai kaya shi ma kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit ko saƙo ya shigo wayarsa, ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin zaune. Alat na bogi ya ci mutane da yawa.

Duk da wannan dogon bayanin, in ni Malam ya tambaya, zan ce masa ya bar iyakar wayarsa yadda take. Sayen mota ko fili ba abin kullum ba ne, wani sau ɗaya zai yi a shekara biyar. Ya ce wa dillali a mayar da ciniki ranar Litinin, su tafi reshe tare da safe, ya cika fom ɗin tura kuɗi a kan kanta. Iyakar manhaja ba ta shafi wannan ba. Manyan kuɗi banki yana tura su ta RTGS, tsarin da CBN da kansa yake gudanarwa, kuma shi ne dama hanyar wanda cinikinsa ya haura miliyan 25. Za a duba sa hannunsa, a duba fuskarsa, wataƙila manaja ya sa hannu, a ba shi kwafi mai hatimi. Wannan takardar ta fi hoton rasit ɗari ƙarfi in ana shari'a. Aibinta ɗaya, ranakun aiki kawai take yi kuma tana rufewa kafin yamma, don haka wanda ya shiga banki ƙarfe uku da rabi na ranar Juma'a ya shirya jiran Litinin. Cek kuma ba zai yi wannan aikin ba, tun 2010 aka hana wanda ya haura miliyan 10 wucewa tsakanin bankuna. Ɗaga iyakar waya na wanda sana'arsa ke buƙata ne kullum, kamar mai sarin hatsi a Dawanau ko mai sauke kaya a Kantin Kwari, kuma shi ma gara ya ware asusun kasuwanci daban, a wayar da ba ta fita yawo da dare.

Wani zai ce ai in ka tura miliyoyi za a kai sunanka hukuma. E, doka ta wajabta wa banki ya sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar da ta haura miliyan 5 ga mutum ko miliyan 10 ga kamfani. Rahoto ne da ake turawa kan dubban mutane, ba tuhuma ba ce, kuma ba ya hana kuɗinka tafiya. Wanda ya yanyanka kuɗinsa ƙanana-ƙanana don kada a gani, shi ne ma ya fi jawo ido.

Inda nake ganin laifin bankuna shi ne wajen bayani. Takardar da ke ɗauke alhakin miliyoyi daga wuyan banki ta ɗora wa mutum, an rubuta ta da Turancin lauyoyi da ƙananan haruffa, ana miƙa wa dattijon da ko karatun boko bai yi ba a ce "Baba sa hannu a nan". Me zai hana a fassara ta da Hausa, ko a wajabta wa ma'aikaci ya karanta masa ma'anarta kafin ya sa hannu? Sannan me zai hana kowane banki ya ba da zaɓin ɗagawa ta wucin gadi, mutum ya ce a ɗaga mini na awa 48, in lokacin ya cika ta sauka da kanta? Wanda ya iya gina manhajar da ke gane fuska, wannan ba zai gagare shi ba. CBN ne ya kamata ya sa shi cikin ƙa'ida, kamar yadda ya sa takardar ɗaukar alhakin. Kuma adadin miliyan 1 da aka tsayar a matsayin inda ake fara neman takardar ya kamata a sake duba shi, don darajar naira ta 2022 ba ita ce ta yau ba.

Wani abu na ƙarshe, don na san bayan rubutu irin wannan akwai masu bin mutane ta saƙo. Babu wani ma'aikacin banki da zai kira ka ya ce zai ɗaga maka iyaka in ka karanto masa lambar da aka turo maka. Babu wani "ejan" a WhatsApp da ke da hanyar ciki. Wurare biyu kawai ake yin wannan aikin, cikin manhajar bankinka da hannunka, ko cikin reshe a gaban tebur. Lambar OTP da ta shigo wayarka alhali ba kai ka nema ba, alama ce wani yana ƙoƙarin shiga asusunka a daidai wannan lokacin, sai ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM ka ce a rufe.